Doka ta Sha Huɗu a Kundin Esther

Esther Gideon ba ta iya hawa bene ba tare da ta ƙirga matakala ba. Na ofishinsu da ke Sama Road goma sha takwas ne, ta bakwai ta ɗan fashe a gefe. Daga ƙofar gidansu a Arkilla zuwa inda take tsayar da keke taku ɗari biyu da sittin ne, in ba ta tsaya gaisuwa ba, kuma ba ta taɓa wucewa ba ta tsaya ba.

Wurin mahaifinta ta gaji wannan hali. Malam Gideon mutumin Pankshin ne, ya zo Sakkwato koyar da lissafi da niyyar yin shekara biyu, ya yi talatin da takwas. A nan aka haifi Esther, ta uku cikin biyar, a nan ta yi makaranta, kuma in ta buɗe baki a waya ba mai cewa ba Basakkwata ba ce. Idan suka je gida bikin Kirsimeti, 'yan uwa sai su riƙa sa ta magana don su yi dariyar “munka” da “sunka”. Ta karanta aikin jarida, ta yi shekara huɗu a wani gidan rediyo tana riƙe wa masu gabatarwa agogo, sannan wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ta ta shirya musu ɗan gajeren bidiyo na mako-mako mai suna Daga Bakin Gona.

Su uku ne a aikin. Sirajo, malamin gona mai barkwanci da ke zaune a Gidan Dahala, shi ke gabatarwa. Akwai mai haɗa hoto. Esther kuma ita ce mai kundi.

Kundin shi ne abin alfaharinta. Shafi ashirin da shida ne, da koren bango, an ɗinke shi da zoben roba. Ta rubuta shi ne don duk wanda ya ɗauka ya iya fitar da shirin ba sai ya tambayi kowa ba. Shafukan farko sun faɗi ko su wa ake yi wa shirin: manomi mai ƙaramar waya da ɗan guntun data, wanda zai kalla a tsaye a bakin kasuwa. Daga nan sai sassan da ke dawowa kowane mako, kowanne da ma'auninsa. Buɗewa daƙiƙa goma. “Manomin Mako” daƙiƙa casa'in. “Me Ya Ci Gonata?”, inda Sirajo ke amsa tambaya ɗaya kan ƙwari ko cuta, daƙiƙa sittin. “Sama Ta Ce”, hasashen yanayi, talatin. “Dabarar Rumbu” arba'in. Rufewa goma. Jimla ɗari biyu da arba'in, minti huɗu cif, kuma ko numfashi Sirajo ya ƙara sai ta yanke.

Bayan sassa sai dokoki. A ɗauki hoto da waya a tsaye. Kada a sa kiɗa a kan sallama. Duk maganar da aka yi a rubuta ta a ƙasan allo, saboda masu kallo cikin hayaniya. Kada bidiyon ya yi nauyin da zai ƙi sauka a ƙauye. Kafin a fara hira, manomi ya faɗi sunansa da garinsa da amincewarsa a gaban kyamara, a ajiye wannan a ofis. A ƙarshen kundin akwai takardar tsara kashi, mai gidaje-gidaje: lambar kashi, rana, jigo, daƙiƙa nawa, abin da ake gani, abin da ake ji, rubutun allo. Kowace Juma'a da ƙarfe sha ɗaya ake tura bidiyon daga wayar ofis zuwa zauren WhatsApp na wakilai goma sha biyu, su kuma su sake shi a zaurukan yankunansu da ƙarfe huɗu, bayan an sauko masallaci an huta.

Dokoki goma sha uku ne da farko. Ta sha huɗu ta shigo bayan kashi na talatin da ɗaya.

A wannan kashin sun nuna wani manomin albasa, an rubuta sunansa da garinsa da buhunan da ya samu, kamar yadda takardar tsari ta ce. Bayan kwana tara wata baƙuwar lamba ta kira shi. Mai kiran bai yi sallama ba, ya ce sun ga bidiyonsa, buhu tamanin, ko ba haka ba? Mutumin bai sake kwana a garinsu ba. Yanzu yana raɓe a gidan ƙanensa cikin birni, gonar ta zama ta ciyawa. Labarin ya iso kunnen Esther. Sai ta zauna ta rubuta: ba sunan gari, ba yawan buhu ko shanu, ba hoton rumbu, ba allon makaranta ko hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis da za a gane wuri da shi. Ta cire gidan “gari” da gidan “buhu nawa” daga takardar tsari, ta buga sabon kundi, ta sa masa koren bango irin na da. Tsohon ta jefa a aljihun tebur na ƙasa. Ba ta rubuta kwanan wata a kan ko ɗaya ba.

Kashi ashirin da shida suka fita lafiya bayan haka.

A watan Mayu, lokacin da ake sussukar shinkafar rani kuma zafi ke sa kwalta ta yi laushi, abu biyu suka haɗu. Mai haɗa musu hoto ta tafi hutun haihuwa, aka kawo Lawwali, magidanci mai shekara arba'in da wani abu wanda ya daɗe yana haɗa bidiyon biki, mutum mai tsanani a aiki. Ita kuma Esther ta tafi Pankshin auren ƙanwarta. Ranar tafiyarta ta ce masa, “Malam Lawwali, komi na cikin kundi. Ka bi shi layi-layi, kak ka ƙara, kak ka rage.” Sabon kundin yana cikin jakarta, ta ɗauka don ta yi gyare-gyare a mota. Ba ta tuna ba.

Manomin kashi na hamsin da takwas shi ne Baba Maccido, baffan Sirajo, dattijo mai gonar shinkafa a fadama, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni, a yankin da mutane ke rage murya in za su ambaci mutanen daji. Sau uku yana ƙin hirar. Esther ce ta je da kanta ta zauna a kan tabarmarsa, ta ce, “Baba, fuskarka kaɗai da hannunka za a gani. Ba mai sanin inda kake. Ni na yi maka alkawali.” Ya dube ta, ya ce, “Ɗiyar malamin lissahi ba ta ƙarya.” Ya yarda.

Ta dawo Sakkwato ranar Alhamis a gajiye, ta makara ranar Juma'a. Ƙarfe ɗaya da minti biyar ta hau matakala goma sha takwas. Ofis shiru, sai ƙarar fanka. Maza duk sun tafi masallaci. Ta ajiye ledar tsaraba, ta ɗauki wayar ofis, ta kunna kashin tana kallon agogo kamar kullum. Buɗewa daƙiƙa goma daidai. Ta ji daɗi. Sai ga Baba Maccido yana murza shinkafa a tafin hannu.

A daƙiƙa ta goma sha huɗu rubutu ya fito a ƙasan allo, fari tas a kan kore. Sunansa. Sunan garinsa. Buhu ɗari da arba'in.

Rubutun ya tsaya daƙiƙa shida. Ta ƙirga su duk da haka, don bakinta ya saba. Ta mayar da bidiyon baya, ko idonta ne. Yana nan. A kan teburin Lawwali ga koren kundi a buɗe, ga takardar tsari an cike kowane gida da rubutu mai kyau. Ta juya zuwa shafin dokoki. Goma sha uku.

Ta buɗe jakarta. Ga ɗayan.

Kanta ya riga ya fara lissafi. An tura da sha ɗaya. Yanzu ɗaya da minti goma sha biyu. Za a saki da huɗu. Saura minti ɗari da sittin da takwas, in kowa ya bi doka. Ta goge saƙon daga zauren wakilai, gogewar da ke cire shi a wayar kowa, amma kafin ta danna sai da ta duba waɗanda suka buɗe. Biyar cikin sha biyu. Ta shiga shafinsu na Facebook ta soke wanda aka ajiye ya fita da huɗu. Ta yi saƙon murya: “Don Allah kowa ya dakata. Kak a saki kashin yau. Wanda ya riga ya tura ma wani ya kira ni yanzu-yanzu.”

Sannan ta fara kiran biyar ɗin. Na farko a kashe. Na biyu a kashe. Na uku ta yi ta ƙara har ta tsinke. Lasifikar masallacin da ke bayan layinsu ta ɗauka, liman ya hau mumbari. A wannan sa'a duk wanda take nema a faɗin jihar yana zaune a sahu, wayarsa a kashe cikin aljihu, kuma ita kaɗai ce a ofis da bidiyon a hannu. Ta kira Sirajo sau huɗu, ta san ba zai ɗauka ba. Ta kira sau na biyar.

Na huɗu mace ce, shugabar wata ƙungiyar mata masu casar shinkafa, ta ɗauka nan take ta ce ta kalla amma ba ta tura wa kowa ba. Saura huɗu. Esther ta rubuta sunayen a bayan takardar tsarin, ta ja layi a kan ɗaya.

Sunan da ke ba ta tsoro shi ne na biyar, shi ma wayarsa a kashe. Alhaji Sa'ad mai sayar da iri da maganin feshi ne a kasuwar da ke kusa da garin Baba Maccido, kuma zaurensa na da mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya. Manoma ne da dillalai da 'yan acaɓa da direbobi, ba wanda ya san zuciyar kowa a ciki. Mutanen daji ba sa buƙatar shiga zaure. Mutum ɗaya ya ishe su, mai kai musu labari. Kuma Esther ta taɓa yi wa Alhaji Sa'ad faɗa kan sakin shiri kafin lokaci, ya ce sabis ɗin garinsu da rana yake zuwa, da la'asar yake tafiya.

Minti arba'in ta yi tana zagaya tebur. Ta ƙirga tayal ɗin ɗakin, ta rasa lissafi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ta durƙusa ta yi addu'a, kalma uku ta iya haɗawa. Fuskar mai albasa take gani, yadda ta same shi a zauren ƙanensa yana kallon bango.

Biyu da minti goma aka sallame. Sirajo da Lawwali suka shigo da darduma a kafaɗa, Sirajo na cewa, “A'a, 'yan biki! Ina tsarabarmu, ko kin cinye a hanya?” Bai ƙarasa dariyar ba. Ta miƙa masa wayar da hoton a tsaye a daƙiƙa ta sha huɗu.

“Innalillahi,” in ji Sirajo. “Ni na saurare shi jiya, cikin mota. Saurare ni yi, Esther, ina tuƙi. Ban duba allo ba.”

Lawwali ya ɗauko kundin, fuskarsa ta tsuke. “Malama, ke kinka ce layi-layi, cikin aljihun tebur ni same shi. Ga gidan nan, gari, buhu nawa. Ba a cike ba aka ba ni. Awa uku ni yi ina bin ɗanyen hoton kahin in samu inda dattijon ya hwaɗa ma Sirajo yawan buhun, suna raha. Garin kuwa shi ya hwaɗa wurin amincewa. Mi ni yi ba daidai ba?”

“Ba ka yi komi ba,” ta ce. “Ni na bar maka tsohon kundi.”

Ta sake kiran ukun farko. Duk sun kunna waya, duk ba su tura ba. Ta ja layi a kan sunayensu, saura ɗaya. Alhaji Sa'ad ya ɗauka a kira na uku, hayaniyar kasuwa a bayansa.

“Madam Esta! Kai, shirin yau ya yi kyau. Maccido namu ya hito kamar gwamna.”

“Alhaji, ka saki?”

“Tun sha biyu da arba'in. Ai na gaya miki halin sabis ɗinmu.”

Ta riƙe gefen tebur. “Alhaji, don girman Allah, kak ka kashe waya. Danna saƙon, duba mutum nawa sunka buɗe, ka hwaɗa min, sannan ka goge ma kowa.”

Ta jira yana dubawa. Da ya dawo muryarsa ta canza, da alama ya sake kallon rubutun da idon mutumin yankin. “Sha bakwai. Na goge. Subhanallahi, ni ban ko lura ba.”

“Ka san su?”

“Na san sha ɗaya. Shidda lamba ce kawai.”

Shida. Kuma gogewa ba ta bin abin da aka riga aka tura wani wuri, ko aka kalla aka riƙe a ka. Sirajo ya ce wataƙila ba komai, wataƙila a bari a ga, kada a tayar wa tsoho hankali a banza. Bai yarda da maganarsa ba ko shi da ya faɗe ta. Esther ta ce, “Mai albasa kwana tara ya samu, kuma bai san ana ƙirga mashi ba. Ba ni lambar Baba.”

Matarsa Inna Rahmatu ce ta ɗauka, ta yi gaisuwa mai tsawo, gajiya, zafi, mutanen Arkilla, amarya. Esther ta amsa duka. Da aka ba Baba Maccido, ba ta kewaya ba. Ta faɗa masa rubutun, da daƙiƙa shida, da mutum sha bakwai, da shidan da ba a sani ba. Ta ce, “Baba, alkawali ni yi maka, ni kuma na karya shi.”

Tana jin kukan akuya a can.

“Ɗari da arba'in kunka rubuta?” ya ce. “Ashe har ƙari ni yi ma Sirajo don in ba shi haushi. Ɗari da ashirin da biyu na. To, ba su zuwa su ƙirga.” Ya ja numfashi. “Ba ni yaron nan Sirajo.”

Abin da ya shirya bai ɗauki minti biyar ba. Gobe Asabar kasuwa ke ci. Sirajo ya samo babbar mota tun da safe, ba da asuba a ɓoye ba, sai rana ta fito kowa na gani. A yi lodin shinkafar a ƙofar gida buhu-buhu, a bar ƙofar ma'ajiyar a buɗe, a bi ta tsakiyar kasuwa. A ce ta ƙungiya ce, bashin iri da taki aka zo karɓa. Shi da Inna Rahmatu da jikoki biyu za su biyo motar, a ce asibiti za shi duba ido. Daren yau kuma ba a gida zai kwana ba.

Esther ba ta je ba, Sirajo ya hana, ya ce baƙuwar fuska za ta ƙara jawo ido. Ta zauna a ofis ranar Asabar tana ƙirga kiran da yake yi mata daga hanya. Bakwai. A na bakwai ya ce sun shigo gari.

Kwana goma sha tara Baba Maccido ya yi a ɗakin baƙi na Sirajo a Gidan Dahala. Kowace safiya Esther na biyawa kafin ofis, ta gaishe shi, idonta na kan wayarsa da ke kan tabarma. Duk ƙarar da wayar ta yi sai ta kasa kunne ta ji ko wane ne. Dillali ne, suruki ne, mai tambayar ido ne. Baƙuwar lamba ba ta kira ba. A garin ma ba a ga baƙuwar fuska ba. Amma ruwan farko ya sauka yana birni, gonar geronsa ta tudu maƙwabta suka shuka masa rabi, shinkafar kuma an sayar da ita a lokacin da bai so ba.

Ranar da zai koma, ya ce a kawo masa littafin nan da ya kore shi daga gida. Ta kawo sabon bugu. Tsohon ta riga ta ƙone shi a bayan gidansu shafi-shafi. Wannan bangonsa ja ne, an rubuta bugu na uku da kwanan wata a kan kowane shafi. Takardar tsari ta sami sabon gida: sunan wanda ya kalli kashin da ido, murya a kashe, kafin a tura. An kuma mayar da turawa zuwa ƙarfe uku na yamma, lokacin da kowa ya kunna waya.

“Karanta min dokar tawa,” ya ce.

Ta buɗe ta karanta. Ya saurara da kai a sunkuye.

“Ta nawa ta?”

“Ta sha huɗu, Baba.”

“Mi ag gabanta?”

Ta fara karantowa: a riƙe waya a tsaye, kada a sa kiɗa a kan sallama. Inna Rahmatu da ke ɗaure kaya ta yi tsaki mai haɗe da dariya.

“Wato riƙon waya na gaba, raina na baya,” in ji Baba Maccido. “Ɗiyar malamin lissahi, wannan lissahin bai hita ba. Mai da ta ta ɗaya.”

Esther ta ciro biro daga jaka. A kan gwiwarta ta soke sha huɗu ta rubuta ɗaya, ta bi sauran tana sake musu lamba ɗaya bayan ɗaya. Ya jira har ta gama, ya karɓi kundin ya dubi inda ta soke, duk da bokon ba ya karanta shi, sannan ya miƙa mata, ya ce wa Sirajo ya tada mota.